Abin da na koya kan ƙafar karen farauta

Karnukanmu na nan wajen Alkaleri da Dukku yawanci damina a ɗaure suke yi ko suna kwance a gindin rumbu, saboda gonakin mutane. To wata huɗu biyar kare na taka laka da danyar ciyawa, tafin ƙafarsa ya yi laushi kamar na jariri, sai kuma a ce an gama girbi an cinna wa daji wuta, ranar farko a kwashe shi tun asuba har la'asar. Abin da na lura shi ne numfashin kare na saurin dawowa, sati biyu zuwa uku ka ga ya daina haki sosai, amma fatar tafin sai ta yi wajen sati shida kafin ta yi tauri. Nan ake samun matsala, don shi kare in ya ga zomo ba ruwansa da ƙafa.

Don haka ni tun ana yankan gero nake farawa. Satin farko tafiya kawai, minti 20 zuwa 30 da sassafe a hanyar gona mai yashi, ba gudu. Sati na biyu da na uku a ƙara lokaci kaɗan kaɗan, ya riƙa sassarfa a bayan keke, a fara bi da shi ta wajen tsakuwa. Sai daga na huɗu ake barinsa ya zuba gudu, shi ma bayan ya yi tafiyar minti goma jiki ya saki, kuma duk kwana biyu uku a ba shi hutun kwana guda. Kwikwiyon da bai kai shekara ba kam bar shi da wasa, ƙashinsa bai gama nuna ba.

Akwai wani yaro a unguwarmu da ya so ya yanke hanya, ya ɗaura karyarsa a bayan mashin ya bi kwalta da ita da hantsi wai motsa jiki. Da yamma ya kawo ta tana ɗaga ƙafar gaba tana lasa. Na ce masa "kai ƙanena, kwantar da ita mu gani", ya ce "Yaya ai ƙaya ce kawai". Ba ƙaya ba ce. Ita ƙaya, ko tsidau ko ƙarangiya, ƙafa ɗaya take kamawa, ɗingishin farat ɗaya yake zuwa, kana buɗe tsakanin yatsu za ka ganta, kana cirewa ya miƙe. Wannan kuwa fatar babban tafin ce ta saluɓe kamar faɗin kwabo, ja jawur, ɗaya ƙafar ma ta fara. Muka tafasa ruwa kimanin leda guda ta fiya wata, ƙaramin cokali na gishiri a ciki, ya huce muka wanke, muka shafa aidin da aka tsarma da ruwa, aka naɗe da bandeji ba tamau ba, yadda yatsa zai iya shiga, aka sa tsohuwar safa a kai. Kullum a canza, in ya jiƙe a canza nan take. Sai da ta yi kusan sati uku ba daji, farkon farautar duk ya wuce ta.

Ya so ya shafa baƙin mai, na hana, kare lashe shi yake yi kuma guba ne. Haka maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, yana iya fasa masa ciki ya lalata ƙoda, kar a ba shi. In yankan ya yi zurfi, ko ƙafar ta kumbura tana wari, ko ya ƙi taka ta sam bayan kwana biyu, wannan sai likitan dabbobi, in ka je kuma ka haɗa da allurar haukan kare ta shekara.

Da hunturu kuma faso ne ke damunsu, man kaɗe ɗan kaɗan da dare ya wadatar, kar a lafta kullum tafin ya koma laushi. A duba kaska a tsakanin yatsu, a rage farcen nan na sama da ba ya taɓa ƙasa, shi ne ke maƙalewa a kututturen kara ya tsage.

In aka shiga Maris da Afrilu, rana a Gombe na kaiwa digiri 40, to kare ba ya gumi irin namu, da haki yake huce jiki. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba za ka iya ƙirga bakwai ba shi ma ba zai iya takawa ba. Ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu na dalala, yana tangaɗi, kai shi inuwa ka jiƙa masa ciki da hamata da ruwa, ka ba shi ya sha kaɗan kaɗan, ranar kuma ya gama aiki ko da ya miƙe yana kaɗa wutsiya.