Yadda na raba ɗiyata da fida ta koma sha da kofi

Likitocin yara suna ba da shawarar a fara nuna wa jariri kofi tun yana wata 6, lokacin da ya fara cin abinci, sannan a raba shi da fida tsakanin wata 12 zuwa 18. Ɗiyata ta ɗan haura shekara lokacin da na ɗauki wannan aiki gadan-gadan, kuma abin da na fahimta shi ne aikin kashi biyu ne da bai kamata a haɗa su rana ɗaya ba: koya wa yaro kurɓa daga kofi, da janye fidar da ya saba samun natsuwa da ita.

Na fara da koyarwa tana nan tana shan fidarta kamar kullum. Na nemi ƙaramin kofi marar murfi wanda hannayenta biyu za su iya kamawa, ina zuba ruwa kaɗan, kamar cokali biyu, domin kofin da ya cika yana kwararowa da sauri ya sa yaro ya ƙware. Ina zaunar da ita a miƙe lokacin cin abinci, in ɗora bakin kofin a kan leɓenta na ƙasa, in karkata shi a hankali har ruwan ya taɓa leɓen sama, sai in tsaya in jira ta ja da kanta. Ba a ɗura wa yaro, kuma ba a bari kansa ya koma baya. Da farko takan ciji bakin kofin, ruwan ya bi ta haɓarta ya jiƙa riga, domin harshen da ya saba da tsotso bai san yadda ake tare ruwa ba. Da ta fara rufe leɓɓanta a kan kofin tana haɗiyewa ba tare da tari ba, sai na riƙa sassauta riƙona, ina tallafar gindin kofin kawai da yatsa. Ɗan tari jefi-jefi ba abin damuwa ba ne, amma yaron da ke ƙwarewa kusan kowane sha, ko muryarsa ke fita kamar akwai ruwa a maƙogwaronsa bayan ya sha, ya kamata likita ya duba shi.

Sai da kurɓa ta zauna mata sannan na taɓa fida. Ta tsakar rana na fara cirewa, domin ita ce yaro bai cika shaƙuwa da ita ba, na mayar da madarar cikin kofi bayan abinci. Na bar 'yan kwanaki ta saba kafin na cire ta safe. A wannan tsakani madarar da take sha ta ragu sosai, abin da ke tayar wa iyaye da yawa hankali har su dawo da fidar. Amma yaron da ya wuce shekara ba ya buƙatar fiye da kimanin mililita 500 na madara a rana, kuma idan ta yi yawa tana cika masa ciki ya ƙi abinci, har ta kai shi ga ƙarancin jini saboda madarar shanu ba ta da isasshen sinadarin ƙarfe. Abin da na riƙa dubawa shi ne fitsarinta: muddin tana jiƙa ƙunzugu akai-akai, fitsarin bai yi duhu ba, bakinta kuma bai bushe ba, to ruwan jikinta ya wadatar.

Fidar dare ce ta fi wuya, ita ce kuma ta fi illa. Idan yaro ya yi barci da madara a baki, yawu yana raguwa, sukarin madarar ya kwana a kan haƙora, sai ruɓewa ta fara daga haƙoran gaba na sama, da farin tabo kamar alli kusa da dasashi. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a ja lokaci. Na matso da madarar dare gaba, ta sha a kofi bayan abinci, in wanke mata haƙora da buroshi, sannan mu kwanta. Fidar da ta saba riƙewa a gado kuwa na riƙa sirka ta da ruwa, madara na raguwa dare bayan dare, har ta zama ruwa zalla. Wannan sirki ya dace ne kawai da yaron da ya wuce shekara yana cin abinci sosai, ba a yi wa jariri. Ta yi kuka a dararen farko, na rungume ta ina shafa bayanta har barci ya ɗauke ta, domin lallashi take nema a lokacin fiye da madara. Da ta daina kula fidar ruwan, na kwashe su duka daga inda idonta zai gani, na kuma roƙi mahaifinta da duk mai kula da ita kada kowa ya fito da ita ko da ta yi rigima.

Sau ɗaya zazzaɓi ya kama ta ana tsakiyar wannan sauyi, sai na tsaya a matakin da muke, ban ƙara cire komai ba har ta warke, domin yaro marar lafiya shan ruwa ya fi masa muhimmanci ko da wane mazubi ne. Haka ma tafiya ko zuwan sabon jariri, gara a bari su wuce kafin a fara.