Talata, ni da laccar Malam ta tarihin Gobir

Yau tun bayan azahar nike zaune kan abu guda, sai yanzu bayan isha'i nis samu kaina. Laccar jiya ce ta jihadin Shehu, awa guda da minti arba'in, wadda munka ɗauka da waya munka raba mu ukku kowa yar rubuta kashinai kalma da kalma, da anka haɗa ta kai shafi goma sha huɗu. Malam ya san abin wallahi, amma shina farawa da hijira zuwa Gudu a 1804, kan ka ankara ya koma zamanin Bawa Jan Gwarzo, daga nan sai zuwan Turawa Sakkwato a 1903, sai labarin ranar da yaj je kufan Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir, sannan yac ce "to ina munka tsaya?"

Da farko bin shafi nike ɗaya bayan ɗaya ina gajarta kowane sakin layi. Awa guda nib ɓata. Da nik karanta sai nig ga yawon Malam ne dai niƙ ƙara yi a taƙaice, Yunfa sarkin Gobir ya hito wuri huɗu daban kuma ba inda labarinai yac cika. Na yage.

Da la'asar nis sake dabara. Na ɗauko takardar tsarin kwas, kanun jiya ukku ne: dalilan jihadi, yaƙoƙi, da kafa daula. Sai nik karanta rubutun duka ba tare da na taƙaita komi ba, aikina kawai in sa harafi a gefen kowane sakin layi, D ko Y ko K, wanda bai shiga ko ɗaya ba in sa mai giciye, tare da mintin da anka faɗe shi. Abin da yat taimake ni shi ne bakin Malam shina da alama, in zai kauce sai yac ce "wannan ya tuna min", in zai dawo sai "kamar yadda nike faɗi". Na ja ma waɗanga layi da jan biro, duk abin da ke tsakaninsu ratse ne. Bayan nan nit tara duk masu Y wuri guda nij jera su da shekara: Gudu a Fabrairun 1804, Tabkin Kwatto a Yunin shekarar, Tsuntsuwa ƙarshenta, Alwasa 1805, faɗuwar Alkalawa 1808. Abin da yaw watse a shafi shidda ya dawo layi biyar, kowane da dalili da sakamako a ƙasa.

Inda nis so in yi ɓarna shi ne wurin D. Akwai jimlar da Malam yac ce "shi ne yah hana maza naɗa rawani, mata lulluɓi". Da nic ciro ta daga wurinta nis sa ta ƙarƙashin Yunfa, don shi ne sunan da ke kusa da ita a takarda. Abokin ɗakina ya leƙo yac ce, "Kai abokina, anya? Wannan ai Nafata ne." Na koma minti na 22 nis saurara, ashe Malam ya ambaci Nafata, sarkin da yag gabaci Yunfa, yar ratse minti kusan huɗu kan Yunfa, sannan yad dawo da "shi" ba tare da ya sake kiran suna ba. A aji mun gane don muryatai ta canza, a takarda babu murya. Daga nan sai nib bi duk wani "shi" da "su" da "lokacin nan" ina maye su da suna ko shekara kafin in matsar da jimla ko ina. Na samu wasu guda biyu irin ta.

Sai shekarar Tabkin Kwatto. A minti na 18 cewa yay yi 1805, can minti na 61 cikin wata magana daban yac ce a gyara, 1804 ce, Alwasa yaka nufi. Wanda yat tsaya kan shafukkan farko ya kwashi kuskure kenan, shi yas sa karatun farko ba a rubutu cikinai.

Masu giciye kuma ban zubar ba sai da nis sake dubawa. Zancen 1903 na aje shi gefe da lambar minti don darasin gaba ne. Labarin tafiya Alkalawa na so in share gaba ɗai, sai nig ga a tsakiyarsa ne yac ce mu iya jero sarakunan Gobir, Bawa, Yakuba, Nafata, Yunfa, don shina son tambaya kansu. Layi guda nic ciro daga shafi ɗaya da rabi.

Yanzu dai shafi biyu da rabi gare ni. Kashin K ya yi sirara ƙwarai, gina Sakkwato a 1809 da rasuwar Shehu a 1817 kawai ke ciki, lokaci ya ƙare mai kan ya kai nan. Na bar rabin shafi fari, Alhamis in tambaye shi ko zai dawo kai. An ɗauke wuta, waya saura kashi tara.