Kumburin fankiriyas: abin da ya same ni bayan kaka

Bayan mun gama girbin gero a ƙauyenmu na wajen Ringim, wani ciwo ya turnuƙe ni a ƙahon zuciya, ya ratsa har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa, ba na samun sauƙi sai na zauna na duƙa gaba. Mutanen gida sun ce gyambon ciki ne, amma a asibiti gwajin jini ya nuna sinadarin lifes, mai narkar da kitse, ya haura ninki 3 na yadda ya kamata, hoton ciki kuma ya nuna tsakuwa ce daga matsarmama ta toshe hanyar ruwan fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci, har ta kumbura. Likita ya ce giya da yawan kitse a jini ma suna haddasa shi.

Ƙarin ruwa da allurar kashe zafi aka yi mini, sannan da aman ya tsaya na fara shan kunu kaɗan-kaɗan. Daga baya aka cire matsarmamar, domin idan an bar ta ciwon yakan dawo. Yanzu tuwo da miyar kuka nake ci ba man shanu, ƙosai da soyayyen nama kuwa na dakata da su tukuna, kuma ƙosan nan na fi kewa.