Gyaran yamutsattsen kaya da karkataccen ɗankwali a hoto

A shagonmu na hoto, gyaran kaya ya fi gyaran fuska cin lokaci, musamman hotunan sallah da na biki. Abin da muke fara koya wa yaran shago shi ne su bambance yamutsewa da kari. Layin ninkin da ke jikin sabuwar shadda ado ne, mai ita yana son a gan shi. Wanda ake cirewa shi ne tattarewar da zaman mota ke bari a ciki da gwiwar hannu.

Yamutsewa a hoto haske ne da inuwa kawai, zaren yadin yana nan lafiya. Shi ya sa a Photoshop muke raba hoton gida biyu: launi da inuwa a ƙasa, saƙar yadi a sama. A kwafi `layer` sau biyu da `Ctrl+J`. Na ƙasa a sa masa `Gaussian Blur` har saƙar yadin ta ɓace amma inuwar tana nan, yawanci `Radius` 6 zuwa 10 a hoton kyamara. Na sama a buɗe `Apply Image`, a zaɓi na ƙasan, a sa `Subtract`, `Scale` 2, `Offset` 128 idan hoton `8-bit` ne, sannan a mayar da `Blend Mode` na `layer` ɗin saman `Linear Light`. Yanzu sai a koma na ƙasa da `Mixer Brush`, a riƙa shafa a hankali ana bin yadda yadin ya kwanta. Kada a share inuwa duka. Rigar da ba ta da inuwa a hammata da ƙirji sai ta koma kamar leda. A atamfa kuwa a yi hattara, domin launukan zanen suna ƙasan ne, shafa mai faɗi za ta kwaɓa ja cikin kore. Nan `Dodge` da `Burn` sun fi aminci.

Ɗankwalin da ya zame gefe aikin `Liquify` ne. Kafin a taɓa komai, a rufe goshi, gira da kunne da `Freeze Mask`, in ba haka ba girar za ta bi ɗankwalin ta karkace. A ɗauki babban buroshi, a rage ƙarfinsa, a tura kaɗan-kaɗan. Ƙaramin buroshi shi ke sa bakin ɗaurin ya yi tudu da kwari. Bayan an gama a duba bayan mutum: idan labule ko ƙofa ta lanƙwashe, kowa zai gane an taɓa.

Wuyan kaftani da ya naɗe gefe ɗaya, ana iya kwafo gefen mai kyau a juya shi da `Flip Horizontal`. Sai dai haske ma yana juyawa, don haka dole a gyara inuwar ta dace da inda fitila take, a kuma daidaita aikin wuyan da layin maɓalli. Idan kuwa karkacewar ɗankwali ta rufe kunne ko rabin goshi, muna gaya wa mai hoton gaskiya: a sake ɗauka.