Takardar Tayin Aiki: Wuraren da Rigima ke Ɓuya

Rigimar da ke tashi tsakanin ma'aikaci da kamfani a shekarar farko takan samo asali ne daga takardar tayin aiki, musamman layin albashi da na lokacin gwaji. Mutum ya ga adadi mai tsoka, ya sa hannu cikin murna, sai alat ɗin ƙarshen wata ya shigo ya ga ba haka ba.

A ɗauki misalin takardar da ta ce albashi naira 2,400,000 ne a shekara, wato 200,000 a wata. Takarda mai kyau tana rarraba kuɗin, a ce tushen albashi 80,000, kuɗin gida 50,000, kuɗin sufuri 30,000, sauran alawus 40,000. Wannan rabon ba ado ba ne. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa, kuma mafi ƙarancin abin da ake lissafi a kai shi ne tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. A nan jimillarsu 160,000 ce. Za a cire masa 12,800, ya rage 187,200 kafin a taɓa haraji. Kason kamfani kuwa 16,000 ne.

Matsalar ita ce wasu kamfanoni suna cusa wannan 16,000 a cikin adadin da suka rubuta, su kira shi jimillar abin da suke kashewa a kan ma'aikaci. Idan haka ne, abin da ya rage 171,200 ne, haraji kuma na nan tafe. Alamar gane wannan ita ce a ga an jera kason fanshon kamfani cikin layukan da aka tara suka ba da jimillar. Wanda aka yi wa tayin ya nemi a rubuta masa abin da zai shiga asusunsa bayan an cire komai. Neman hakan ba rashin kunya ba ne, kuma jami'in kula da ma'aikata da ya san aikinsa yana da lissafin a gabansa.

Lokacin gwaji a kamfanoni masu zaman kansu yakan zama wata uku zuwa shida, a aikin gwamnatin tarayya kuwa shekara biyu ne kafin tabbatarwa. Rubuta tsawonsa kaɗai bai isa ba. A faɗi ranar da ya fara, ko ana iya tsawaita shi da iyakar tsawaitawar, da kwanakin sanarwa idan ɗaya daga ɓangarorin biyu zai raba gari. Dokar ƙwadago ta sa mafi ƙarancin sanarwa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba. Sai dai dokar ba ta haɗa da manajoji da ƙwararru ba, su abin da ke cikin takardarsu ne babban madogararsu. Sakacin da ya fi yawa shi ne wata shida su cika, kowa ya yi shiru, ba takardar tabbatarwa, ba ta tsawaitawa. Kotu na iya ɗaukar ci gaba da biyan albashi a matsayin an tabbatar da mutum, amma kafin a kai can an sha wahala. Gara a rubuta tun farko cewa za a ba da hukunci a rubuce kafin gwajin ya ƙare.

A ɓangaren ayyuka, sunan muƙami da wanda za a riƙa kai wa rahoto da garin da za a zauna su fito fili. Jimlar nan ta "da duk wani aiki da aka ba ka" ba a rasa ta a takarda, amma a takaita ta ga abin da ya dace da muƙamin, kada akawu ya wayi gari yana tsaron sito.

Sai ɗan guntun da ke ƙasa na amincewa: suna, sa hannu, kwanan wata, da ranar kama aiki. Yawanci akan ba da mako ɗaya ko biyu a mayar da shi, in wa'adin ya wuce tayin ya faɗi. Kwafi biyu ake yi, mai karɓar aiki ya riƙe ɗaya cikakke, ba guntun kaɗai ba. Kada ya soke adadi da biro ya rubuta nasa, domin hakan sabon tayi ne daga gare shi, ba amincewa ba. Ya nemi a sake buga takardar. Idan kuma tayin na da sharaɗi, kamar gwajin lafiya ko tantance takardun makaranta ko kawo masu tsaya masa, ya jira a tabbatar masa a rubuce cewa an cika su kafin ya ajiye tsohon aikinsa.