Kafin ka tura wa malami silaid ɗinka, duba nauyinsu

Ƙannena masu shirin difens na furojet, musamman ku da aikinku ke da hotuna da yawa, abin da ke sa fayil ɗin PowerPoint nauyi kusan kullum hotuna ne, rubutu bai da wani nauyi. Hoton waya mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 a faɗi 3000 a tsaye, nauyinshi kuma yakan kai MB 3 zuwa 5. Ni nawa aikin kan noman albasa ne a fadamar Kwalkwalawa, na zuba hotuna 30 kai tsaye daga waya, fayil ya tashi wajen MB 120, alhali Gmail MB 25 ne iyakarshi, kuma imel kan ƙara wa fayil kusan kashi ɗaya cikin uku wurin turawa, don haka ma gara ka tsaya ƙasa da MB 18.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka in na ja kusurwar hoto ya ƙanƙance a silaid to nauyin ma ya ragu. Ko kaɗan. Hoton na nan cikakke cikin fayil, kai har gefen da ka yanke da Crop na nan ɓoye, ba a dai nuna maka shi ne. Sai na koma zif, shi ma bai rage komai ba, ashe pptx da kanshi zif ne, hotunan JPEG kuma dama a matse suke.

Abin da ya yi aiki a kwamfuta ake yin shi. Fara da Save As ka ba shi wani suna, wanga kwafin za ka taɓa. Danna hoto ɗaya, ka shiga Picture Format, sai Compress Pictures. Cire alamar da ke kan Apply only to this picture don aikin ya bi dukkan hotunan, mutane da yawa nan suke mantuwa su matse hoto guda su ce abin bai aiki. Sa alama kan Delete cropped areas of pictures, sannan ka zaɓi Web (150 ppi), wato ɗigo 150 a kowane inci.

Mi ya sa 150? Faffaɗan silaid inci 13.33 ne a faɗi, in ka ninka da 150 ka samu ɗigo 2000, majigi mai kyau kuwa 1920 yake nunawa, ka ga duk ɗigon da ya haura haka data kawai yake ci ba wanda zai gan shi a bango. Da wannan fayil ɗina ya sauko ƙasa da MB 10. Amma sai ka yi sabin tukuna nauyin zai canza, kada ka duba kafin nan hankalinka ya tashi.

Inda na fi jin jiki shi ne E-mail (96 ppi). Na ga sunan na ce ai wannan ne nawa, na zaɓe shi kuma na yi sabin a kan fayil na asali. Hotunan gona ba su nuna wata matsala ba, amma akwai teburin farashin buhu da na ɗauko da sikirinshot, da taswira mai ƙananan sunaye, duk suka dushe har 3 da 8 ba a bambance su. Da zarar ka rufe fayil ɗin babu hanyar dawo da ɗigon da aka zubar, sai da na sake nemo hotunan daga waya ɗaya bayan ɗaya. Don Allah bayan ka matse, ka buɗe Slide Show ka bi duk silaid mai rubutu cikin hoto ka karanta da idonka. Tebur kuwa gara ka buga shi da hannu cikin PowerPoint, ya fi fita kuma bai da nauyi.

In ka yi duk wannan fayil bai sauko ba, akwai wani abu guda da ke riƙe shi. Yi kwafi, ka sauya ƙarshen sunan daga .pptx zuwa .zip, ka buɗe, ka shiga nan:

```
ppt\media
```

Nan duk hotuna da bidiyo suke kowane da nauyinshi a gefe. Yawanci za ka tarar da hoto a tsarin PNG, wanda kan yi wa hoton kyamara nauyi ƙwarai, sai ka buɗe shi a Paint ka ajiye a JPEG ka musanya a silaid ɗin. In bidiyo ne, File sai Info sai Compress Media.

Wanda za ka tura wa shi ma datarshi zai ƙona wurin saukewa, in karantawa kawai malam zai yi a waya ba gyara ba, yi Save As zuwa PDF ka zaɓi Minimum size ka tura mai wannan.