Daga kilomita 5 zuwa rabin fanfalaki: lissafin Riegel ya ce 1:52, ni kuma 1:57 zan nema

Salam 'yan uwa masu koyon gudu. Ga inda aka kwana a shirin da nake yi na tseren rabin fanfalaki, wato kilomita 21.0975, wanda zan sauka Abuja in yi in Allah ya kai mu. Ranar Asabar na gwada kilomita 5 a filin wasa nan Jos, zagaye goma sha biyu da rabi a layin ciki, agogo ya tsaya a 24:30. Na bada duk abin da nake da shi, zagayen ƙarshe ko sallama aka yi min ba zan iya amsawa ba. To tambayar da kowa ke yi bayan irin wannan gwaji ita ce, in na yi 5 a haka, 21 ɗin fa a nawa zan yi?

Akwai fomula da akasarin manhajojin hasashen lokaci ke aiki da ita, ta wani injiniya Ba'amurke ce, Peter Riegel, ya fara fitar da ita a 1977 a mujallar Runner's World sannan ya faɗaɗa bayanin a 1981 a American Scientist. Ga ta:

```
T2 = T1 × (D2 / D1)^1.06
```

T1 lokacin da ka yi, D1 nisan da ka yi shi, D2 nisan da kake son sani, T2 kuma amsar. Wannan 1.06 ɗin da ke sama ita ce zuciyar maganar. Da a ce 1 ce cif, to ma'anarta mutum ba ya gajiya kenan, saurin da ka yi kilomita 5 da shi za ka yi 21. Ɗan 0.06 ɗin nan shi ne kuɗin gajiya, duk lokacin da nisa ya ninka biyu saurinka zai ragu da wajen kashi 4 cikin ɗari.

Ku ɗauko waya ku buɗe kalkuleta, ku juya ta a kwance in ba ku ga maɓallin x^y ba. Farko a mayar da lokaci daƙiƙoƙi, minti 24 da daƙiƙa 30 ya zama 1470. Kar wani ya rubuta 24.30 don Allah, rabin minti 0.5 ne ba 0.3 ba, mutane da yawa a nan suke zamewa. Sai a raba 21.0975 da 5, ya ba da 4.2195, a ɗora masa 1.06 da wancan maɓallin, ya fito 4.6.

```
1470 × 4.2195^1.06 = 1470 × 4.6 = 6762
```

Daƙiƙa 6762 awa 1 ce da minti 52 da daƙiƙa 42. Kun ga ma ba sai an sha wahala ba, daga kilomita 5 zuwa rabin fanfalaki kawai ka ninka lokacinka sau 4.6, mai 25:00 zai ga 1:55:00, mai 30:00 zai ga 2:18:00. Nawa dai yana nufin in riƙa cin kowace kilomita a wajen 5:20, alhali a gwajin Asabar 4:54 nake ci.

Lambar ta yi min daɗi wallahi. Amma ba da ita zan shiga tsere ba, kuma dalilin shi ne abin da na fi son mu fahimta.

Riegel bai samo 1.06 daga jikin irinmu ba, daga tarihin da gwanayen duniya suka kafa ya samo ta, ya jera lokutansu a tazara daban-daban ya ga yadda sauri ke raguwa, kuma ya ce lissafin na aiki ne ga gudun da ya ɗauki tsakanin minti uku da rabi zuwa minti 230. Ku lura da wani abu a nan, wanda ya kafa tarihin kilomita 5 ya yi atisayen kilomita 5 har iyaka, wanda ya kafa na dogon zango shi ma ya yi nasa har iyaka. Kenan fomular ta ɗauka cewa shirinka na 21 ya kai shirinka na 5. Ni kuwa a sati kilomita 25 zuwa 30 nake tarawa, dogon gudun da na fi yi a 'yan watannin nan 14 ne. Numfashina ya saba da minti ashirin da wani abu na wuta, amma ƙafafuna ba su taɓa sanin me ake ciki a kilomita ta 18 ba. Kamar mai keke ne da ya saba kai kaya daga Taminus zuwa Farin Gada da gudu, ka ce masa yau Bukuru za ka da irin wannan taka fedar.

Ba wai ina kushe fomular ba ne fa. Akwai binciken da Vickers da Vertosick suka fitar a 2016 a kan masu gudun sha'awa sama da dubu biyu, sun ga cewa har zuwa rabin fanfalaki hasashen Riegel yana faɗawa daidai in aka haɗa jama'a gaba ɗaya, a cikakken fanfalaki na kilomita 42 ne take yi wa mutane alƙawarin da ya fi ƙarfinsu, rabin masu gudun ta rage musu minti goma ko fiye. Sai dai daidai ga taron jama'a daban, daidai gare ni da ɗan guntun atisayena daban.

Abin da ya fi amfanata shi ne na juya fomular baya na nemo tawa lambar, wato k, wadda za ta maye gurbin 1.06. In kana da sakamako biyu na kwanan nan a nisa daban, za ka iya:

```
k = ln(T2 / T1) / ln(D2 / D1)
```

Watan jiya na yi kilomita 10 a 52:10, daƙiƙa 3130 kenan, shi ma da gaske na yi shi ba yawo ba. In da ni mutumin 1.06 ne, mai 24:30 kamata ya yi ya gama 10 a 51:05, to kun ga tun a nan na makara da sama da minti ɗaya. Da na raba 3130 da 1470 na danna maɓallin ln a kalkuleta na samu 0.756, na raba da ln na 2 wato 0.693, sai ga 1.09. Tazarar 1.06 da 1.09 a ido kamar ba komai, amma da na mayar da ita cikin lissafi abin ninkawar ya tashi daga 4.6 zuwa 4.8, lokaci ya koma wajen 1:57:40. Minti biyar cur. In kuma gajiyata ta fi haka bayan kilomita 14, a ce 1.12, to sai 2:02 da ɗoriya, na fita daga awa biyu kenan gaba ɗaya.

Wannan 1.09 ɗin ma kar a ɗauke ta kamar an sassaƙa a dutse, daga gudu biyu kacal ta fito, in ranar da na yi 10 ɗin ban yi barci sosai ba ko iskar hunturu na dukana a gaba to lambar ta kumbura. Shi ya sa na sake gwada wata hanya, na sa 52:10 ɗin a fomula ta asali da 1.06, ta ba ni kusan 1:55. Tsalle daga 10 zuwa 21 ya fi gajarta a kan daga 5, don haka na fi yarda da shi. Yanzu ina da lambobi uku, 1:52 da 1:55 da 1:57, kuma gaskiyata tana tsakanin biyun ƙarshe.

Ga abin da ya ƙarasa gamsar da ni. In na bi 5:20 ɗin da lissafin farko ya ba ni, zan wuce alamar kilomita 10 a 53:20. Mafi kyawun da na taɓa yi a 10 shi ne 52:10, kuma da na gama shi sai da na dafa gwiwa. Daƙiƙa 70 kacal tsakani, ga kilomita 11 a gabana. Duk wanda fomula ta ba shi lokaci ya yi wannan ɗan binciken, ya duba a nawa zai wuce kilomita 10, ya kwatanta da abin da ya san jikinsa ya taɓa yi.

Sai batun lambar da ake zuba wa fomular tun farko. Tunda sau 4.6 ake ninkawa, kuskuren daƙiƙa 10 a kilomita 5 zai zama daƙiƙa 46 a can. Wani abokin gudunmu ya nuna min 23:50 a wayarsa yana murna, na ce masa mutumina ina ka yi shi, ya ce titin Rayfield, gangara ya bi ya hau keke napep ya dawo. Wannan ba lokacin da za a yi hasashe da shi ba ne. Haka GPS na waya, in ya ce maka 5 alhali 4.9 ka yi, lokacinka na gaskiya ya ƙaru da wajen rabin minti, hasashen kuma ya goce da kusan minti biyu da rabi. Shi ya sa na je fili mai mita 400 na ƙirga zagaye da kaina. Kuma ya zama na kwanan nan ne, cikin wata ɗaya ko biyu, ba wanda ka yi bara kafin azumi ba.

Yanayi ma fomula ba ta san da shi ba. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, iskarmu ta ɗan fi ta Abuja sirantaka, mai yiwuwa in na sauka numfashi ya ɗan yi min sauƙi. Amma da safe muna gudu cikin sanyi har da rigar sanyi a farko, Abuja kuwa in an tashi ƙarfe bakwai mai awa biyu zai ƙarasa ne ƙarfe tara rana ta riga ta fito da ƙarfinta. Zafi bai cika samun lokacin kama ka a minti 24 ba, a awa biyu kuwa yana da lokaci, zufa ta zuba, bugun zuciya ya hau, ƙafa ta yi nauyi. Kilomita 5 ba ta koya maka shan ruwa kana cikin gudu, ba ta gwada ko cikinka zai karɓi dabino a kilomita ta 12. Ni dai ribar tsaunin na bar ta ta biya bashin zafin, ban ƙara ko daƙiƙa a lissafi saboda ita ba.

Don haka 5:35 a kowace kilomita zan kama, in wuce 5 a 27:55, 10 a 55:50, 15 a 1:23:45. In na kai 15 ina iya faɗar gajeriyar magana ba tare da haki ya yanke ta ba, sai in ƙara wuta a shidan da suka rage, nan ne 1:55 za ta iya leƙowa. Kafin nan aikin da ke gabana shi ne in ja dogon gudun Lahadi daga 14 zuwa 16 sannan 18, a hankali, kuma wasu in fara su a makare don jiki ya ɗanɗani rana. Alamar da nake sa wa ido ita ce bayan kilomita 12, in ƙoƙarina bai canza ba amma agogo ya fara nuna 5:50, 6:00, to juriyar ba ta zauna ba tukuna. Sati uku kafin tsere zan sake gwada kilomita 10 a fili ɗaya, da safe, in sake fitar da k, in ta sauko 1.08 lissafin zai koma 1:56 sai in matsar da saurin farawa zuwa 5:30. Mai sakamako biyu a hannu ya fitar da tasa lambar mu gani, musamman waɗanda ke tara sama da kilomita 40 a sati, ina so in ga ko tasu ta fi kusa da 1.06.